Miliyan Shida Cif

Shekara ashirin da biyu ina aikin binciken kuɗi, ban taɓa shiga ofishin da aka yi murnar ganina ba. Da na yi sallama sai sakatare ya tuna yana da zazzaɓi, makullin kabad ya bi wani zuwa unguwa, kwamfuta kuma ta mutu jiya-jiyan nan. Na saba, har ma ina jin daɗin abin. Shi ya sa ranar Litinin ɗin da na je ƙungiyar masu gyaran keken guragu, na tarar da dattijo tsaye a bakin ƙofa cikin kaya masu sabuwar guga yana washe mini baki, sai gabana ya faɗi.

"Kai ne Odita?" in ji shi, ya kama hannuna da hannu biyu. "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe! Ni ne Ma'aji. Wallahi tun bara nake jiranka."

A raina na ce, wannan ba ƙaramin ɓarawo ba ne.

Ga abin da ya kawo ni. Wata gidauniya ta ba ƙungiyar tallafin miliyan shida na shekara guda. Kuɗin keɓaɓɓe ne, wato an ɗaure kowane kaso da aikinsa: miliyan uku na kayan gyara, miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu na injin walda, sai albashin mai koyarwa da alawus ɗin almajiran sana'a goma, sai hayar shagon ta shekarar. Ba a ɗaukar na taya a sayi shayi. Da shekara ta cika, Shugabar ƙungiyar ta aika rahoton aiki mai hotuna: keke ɗari da arba'in an gyara, mutum goma sun koyi walda. Ma'aji shi ma ya aika nasa rahoton na kuɗi, kuma a gurbin abin da aka kashe ya rubuta sifili.

Jami'ar gidauniyar ta karanta rahoton nan biyu, ta cire tabarau ta goge ta sake karantawa. Daga nan ta rubuto cewa in ba a kashe komai ba, a maido mata da miliyan shidanta kamar yadda yarjejeniya ta ce, ta kuma ɗauko ofishinmu mu gano wanne ne maƙaryaci a cikin rahoton biyu.

Shagon doguwar rumfa ce ta kwano, an yanki kusurwa ɗaya da katako an mai da ita ofis. Tayoyi a rataye a bango, ƙasa duk baƙin mai, ga sabon injin walda an lulluɓe shi da tsohon labule. Shugabar ta turo kekenta ta tare ni a tsakiyar rumfar. Mace ce da ba ta wuce arba'in ba, mai kaurin damtse da saurin magana, kuma ko zama ban yi ba ta zazzage mini damuwarta.

"Yallaɓai, ni dai ka faɗa mini gaskiya. Mai gidan nan ya ce in wata ya ƙare ba mu biya hayar bara ba, zai sa kwaɗo. Asusunmu saura dubu goma sha ɗaya. In aka mai da kuɗin nan, shi ke nan mun tashi. Mutum ɗari uku ne ke kawo kekensu nan, babu wani wurin a duk faɗin garin."

Wani dogon mutum ya ɗage gilashin walda daga fuskarsa. Shi ne mai koyarwar, Tartsatsi suke ce masa, kuma sunan ya bi shi.

"A rubuta har da ni," ya ce. "Wata huɗu ban ga albashi ba. Matata ta daina tambayata ina kuɗi, yanzu tambayata take wace ce."

Ma'aji ya yi gyaran murya. "Tartsatsi, a bar baƙo ya sha ruwa tukuna."

Na shiga ofis na buɗe jaka. Abin da nake fara nema ko'ina shi ne yarjejeniya da takardar bayanin asusu daga banki, kuma ba na yarda da wadda aka miƙo mini sai na gwama ta da wadda bankin ya aiko wa ofishinmu kai tsaye. Na jera su biyu a kan tebur. Keɓaɓɓen asusun, wanda gidauniya ta sa aka buɗe don tallafin kaɗai, yana ɗauke da miliyan shida cif. Ba a taɓa cirar ko sisi ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk ƙarshen wata banki kan yanki dubu ɗaya da ɗari takwas da hamsin na ajiya, kashegari kuma sai wani ya zuba daidai wannan adadin.

"Baba, wa ke zuba wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Daga fanshona. Ai ba zan bar banki yana gutsurar amanar mutane ina kallo ba."

Na ajiye biro. "To da me kuka sayi injin can? Da me kuka sayi tayoyi?"

"Da namu."

"Naku wanne?"

"Na gama-gari mana. Kuɗin da mambobi ke biya, da na gyara, da wanda muka shekara tara muna tarawa don mu sayi wurinmu."

Shugaba tana bakin ƙofa, don kekenta ba ya shiga ofishin sai an fitar da kujera ɗaya. Na ga fuskarta ta sauya.

"Kawu! Kuɗin filin?"

Nan na gane cewa Ma'aji wan mahaifiyarta ne, kuma su biyun ne masu sa hannu a cek. Na rubuta wannan a gefen takarda, domin ɗan'uwa da ɗan'uwa a kan cek ɗaya abu ne da kowace gidauniya ke so a gaya mata.

"A ofis Ma'aji nake," ya ce mata a hankali. "Kuma ban ɓoye miki ba. Kullum kika tambaya ina ce miki sai an bincika."

"Na zaci su ne suka ce sai an bincika!"

"A'a, ni na ce."

"Duk cek ɗin da ka kawo ina sa hannu!"

"Kin taɓa duba lambar asusun?"

Wa ke duba lambar asusu a cek ɗin da kawunsa ya miƙo masa? Na rubuta wannan ma.

Ma'aji ya jawo yarjejeniyar, ya buɗe shafi na huɗu, inda ya ja layi da jan biro har takardar ta kusa hujewa. Sharaɗin ya ce duk abin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, ƙungiya za ta biya shi daga aljihunta.

"Ka gani, ranka ya daɗe? Sai na zauna na yi tunani. In na taɓa nasu na yi kuskure, an ce na ci. In ban taɓa ba, ba mai cewa na ci. Sai na ce bari mu yi aikin da namu, in mai bincike ya zo ya duba ya ce daidai ne, sannan mu ɗiba. Ba hikima ba ce?"

Na dube shi. A aikin nan na ga ɓarayi masu kuka, na ga masu rantsuwa, na ga wanda ya suma sau biyu a rana ɗaya. Ban taɓa ganin wanda ya talauta ƙungiyarsa da tsabar gaskiya ba, yana kuma jiran a yaba masa. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na fito farautar ɓarawo ne, na tarar da abin da ya fi ɓarawo wahalar sha'ani.

"Baba, ka karanta shafi na biyar?"

"Na huɗun ne mai haɗari."

"Na biyar ya ce duk kuɗin aikin daga keɓaɓɓen asusu za a biya shi. Ka saɓa wannan tun ranar farko. Na shida ya ce abin da ba a kashe ba a mayar. Kai kuma da hannunka ka rubuta musu sifili."

Murmushin ya ɗan ragu, amma bai tafi duka ba. "To ai gaskiya na rubuta."

Shafi na bakwai ne ya sa na duba kalandar da ke bango. An ba su kwana sittin bayan cikar shekara su biya duk bashin da aikin ya ci a cikin shekarar. Abin da ba a biya ba kafin nan, ya faɗi. Na ƙirga da yatsa. Rana ta sittin Juma'ar nan ce.

Na yi musu bayani dalla-dalla. Ba daga wane aljihu kuɗi ya fita ne kaɗai abin dubawa ba. In an sayi abin a cikin shekarar tallafi, yana cikin kasafi, kuma akwai shaida, to kashewar ta aikin ce, ana iya gyara littafi a ɗora ta a kan tallafin, a mayar wa asusun gama-gari kuɗinsa. Amma tun da an saɓa shafi na biyar, sai gidauniya ta yarda a rubuce. Ni ba zan rubuta musu roƙon ba, ba kuma zan taɓa littafinsu ba, don wanda ya gyara littafi ba shi ke bincikarsa ba. Nawa shi ne in duba in faɗi abin da na gani.

"To a fito da rasit," na ce.

Ban san na taɓo inda yake masa ƙaiƙayi ba. Ya buɗe kabad, sai ga fayil goma sha biyu, kowane wata da nasa, kowane rasit an manna shi a farar takarda, an rubuta lambar cek a ƙasa. Yarjejeniya ta ce duk sayayyar da ta wuce dubu ɗari biyu a nemo farashi daga 'yan kasuwa uku. Shi biyar yake nemowa. Takardar alawus kuwa kowane almajirin sana'a ya sa hannu, ya kuma dangwala yatsa, wai ko hannun zai musa.

A ƙa'ida samfuri nake ɗauka, in zaɓi manya da wasu ƙanana in bi diddiginsu. Ma'aji bai yarda ba.

"Ranka ya daɗe, ka tsallake wannan."

"Na ƙusa ne, Baba. Dubu biyu."

"In a cikinsa ɓarnar take fa?"

Haka na shafe Litinin da Talata ina duba rasit ɗari huɗu da sittin da uku, yana tsaye a kaina yana juya mini shafi. Sauran ma'ajai addu'a suke in gaji. Wannan da ya ga na fara hamma sai ya ƙara wa fanka gudu.

Ranar Laraba muka iso kan injin walda, sayayya mafi girma a aikin. Na buɗe shafin, sai na ga wata takarda baƙa ƙirin an manna ta da kyau, an rubuta lambar cek a ƙasanta.

"Wannan fa?"

A karon farko ya sunkuyar da kai. "Rasit ɗin ne. Ya yamutse a aljihun Tartsatsi. Sai na kai gida na ce wa maiɗakina ta ɗan bi shi da dutsen guga."

Irin takardar nan ce mai santsi da na'urar kanti ke fitarwa, wadda zafi ke rubutu a kanta. Da ta ji dutsen guga sai ta rubuta komai gaba ɗaya.

"Kwana uku ba ta yi mini magana ba," ya ce. "Wai na sa ta ƙone miliyan guda."

Tartsatsi ya leƙo ta saman katako. "Ni fa lafiya lau na kawo shi. Ɗan lanƙwasa ne kawai."

"Cikin aljihu ɗaya da ƙusoshi!" in ji Ma'aji.

Na danne dariya da tari. Rasit ba shi kaɗai ne shaida ba, sai dai in babu shi aikin ya ninka. Na nemo cek ɗin a takardar banki na ga sunan kantin da adadin. Na duba takardar kawo kaya. Na fita na yaye labulen, na durƙusa na karanta lambar da ke jikin injin, ta yi daidai da ta takardar. Sannan na rubuta wa mai kantin da kaina, ba ta hannunsu ba, ya tabbatar mini da ciniki da ranarsa. Kafin a tashi aiki amsarsa ta zo, har da kwafin rasit. Injin ya tsira.

Tayoyin ƙarshe ne ba su tsira ba. Na dubu ɗari uku da goma, an yi odarsu aka kawo su kwana tara bayan shekarar tallafi ta rufe.

"Amma yallaɓai, tayoyi ne," in ji Shugaba. "Ga su can a kekunan mutane suna yawo."

"Na gan su. Kwanan watan ne ya kashe su."

"Kwana tara kacal! Ba za ka ɗan kau da kai ba?"

"Wuyana ba ya juyawa, Shugaba."

Abin mamaki, Ma'aji ne ya goyi bayana, har da ɗan annuri a fuska. "Gaskiyarsa ne. Ni ne na tsaya jiran farashi ya sauka. Rubuta, ranka ya daɗe, rubuta da kyau." Ya leƙa ya ga na rubuta, ya gyaɗa kai kamar wanda aka yi wa kyauta.

Lissafin ya fito fili. Miliyan biyar da dubu talatin za su koma asusun gama-gari. Dubu ɗari biyu da arba'in albashin Tartsatsi ne na wata huɗu, dubu ɗari huɗu da ashirin hayar shago, dukansu bashin cikin shekara ne, dole a biya kafin Juma'a ta wuce. Na tayoyin kuma a mayar wa masu shi. Shugaba ta rubuta roƙonta, Ma'aji ya gyara rahotonsa, ni kuma na aika wa jami'ar gidauniya abin da na gano zuwa lokacin. Ta kira ni a waya.

"Tsaya in fahimta," ta ce. "Ba su ci ba?"

"Ba su ci ba."

"Ba su ma taɓa ba?"

"Shi ne laifin."

"Ba mu da fom na wannan," ta ce. Sai ta kai maganar gaban shugabanta.

Alhamis muka wuni jira. Mai gidan ya zo da rana, gajere mai tumbi, yana wasa da sabon kwaɗo a hannu don kowa ya gani. Ya gaida kowa da ladabi, ya tambayi ko ƙofar ƙarfen nan tana rufuwa da kyau, ya tafi. Shugaba ta bi shi da ido, ta koma ta ci gaba da ɗaure wayoyin wata taya. Na tausaya mata, kuma ba na son tausayi a wurin aiki, yana ɓata mini lissafi.

Na koma ofis na tarar da Ma'aji zaune shi kaɗai, littafin cek na keɓaɓɓen asusu a gabansa, ko ledarsa ba a ɓare ba.

"Baba, tsakani da Allah, me ya kai ka?"

Ya ciro walat, ya zaro wata takarda da ta yi laushi don ninkewa, ya shimfiɗa ta a gabana. Takardar kora ce, ta shekara talatin da ɗaya da suka wuce.

"Kashiya nake a wani kamfanin motoci," ya ce. "Akwai kuɗin da aka ware na inshora. Manaja ya ce in ɗiba in biya direbobi, wata mai zuwa a mayar. Da baki ya faɗa. Da abin ya tashi sai ya ce bai san zancen ba. Na ce a kawo mai bincike ya duba littafina, ko sisi bai shiga aljihuna ba. Sau shida ina rubutawa." Ya shafa takardar. "Ba a aiko kowa ba. Aka ce ba sai an wahalar da mai bincike ba, kowa ya san abin da ya faru. Na sami wani aikin daga baya har na yi ritaya, amma mahaifiyata ta rasu tana cewa ta yafe mini."

Na gane dalilin guga da washe baki na ranar Litinin, na kuma ji kunyar abin da na ce a raina.

Juma'a da ƙarfe goma sha ɗaya da rabi amsa ta shigo wayar Shugaba. Gidauniya ta amince, sau ɗaya tak, bisa sharaɗin a biya komai yau, a mayar da na tayoyi, a kuma ƙara mai sa hannu na uku wanda ba dangi ba. Shugaba ta yi kururuwar murna, Tartsatsi ya buga guduma a kan kwano har kunnena ya toshe. Banki na rufewa ƙarfe huɗu.

Ma'aji ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa. "Ba hatimi."

"Kawu, imel ne!"

"Manajan nan ma da baki ya faɗa."

Aka ruga shagon kwafi aka bugo takardar. Ya ce ba sa hannu. Shugaba ta kira jami'ar, ta roƙe ta, aka aiko da wasiƙa mai kan ofis da sa hannu da hatimi, aka sake bugowa. Lokacin ƙarfe biyu ta wuce. Ya karanta sau biyu, ya ɓare ledar littafin cek da reza a hankali don kada ta yage, ya rubuta cek huɗu da rubutunsa mai kyau kamar na ɗab'i. Shugaba ta sa hannu, wannan karon sai da ta karanta lambar asusun da ƙarfi kowa ya ji. Ta tura masa.

Ya ɗauki biro, ya kai shi kan layin, ya tsaya.

"Kawu, don girman Allah," in ji Shugaba, muryarta ta karye. "Uku saura kwata."

"Baba Ma'aji," in ji Tartsatsi, "in ba don ni ba, don aurena."

Bai dube su ba. Ni ya duba.

"Ranka ya daɗe, in sa?"

Ga wuri mai santsi. In na ce sa, na zama mai ba da umarni a kuɗin da nake bincike, kuma duk abin da na rubuta bayan nan ba shi da daraja. In na yi shiru, mutum ɗari uku sun rasa wurin gyara saboda ina kare ƙa'idata.

"Ba ni ke cewa a sa ko kada a sa ba, Baba. Wannan naku ne."

Kafaɗunsa suka sauka.

"Amma ka tambaye ni aikina," na ce. "Wannan zan iya amsawa."

"Ka bincika?"

"Na bincika. Rasit ɗari huɗu da sittin da uku, har da na ƙusa."

"Ka sami gibi?"

"Ko sisi."

Ya sa hannu a cek huɗun a jere bai ɗaga kai ba. Tartsatsi ya sure su tun tawadar ba ta bushe ba, Ma'aji ya bi shi da gudu yana ihu kada ya sa su a aljihu. A bankin ma sai da aka ɗan tsaya, don ma'aikacin ya ce asusun da ya shekara ba a cira ba yakan kwanta, sai an sake cike takardu. Ya duba na'ura, ya ce a'a, wannan a farke yake, akwai mai zuba masa dubu ɗaya da ɗari takwas da hamsin duk wata. Huɗu saura minti goma aka buga hatimi. Mai gida ya karɓi kuɗinsa, ya koma da kwaɗonsa yana cewa dama don bandaki ya saya.

Bayan mako biyu na kawo rahoto. Ban sassauta ba. Na rubuta cewa an saɓa sharaɗin keɓaɓɓen asusu shekara guda cur, rahoton kuɗi na farko ba daidai ba ne, masu sa hannu dangin juna ne, Shugaba na sa hannu ba ta dubawa, an sayi tayoyi bayan wa'adi, kuma Ma'aji na cakuɗa kuɗin aljihunsa da na tallafi, ƙungiya ta mayar masa da dubu ashirin da biyar da ɗari tara na wata goma sha huɗu. Duk wani ma'aji da na sani, da ya karanta wannan sai ya kwanta jinya.

Shi kuwa ya zauna ya karanta da yatsa, layi-layi, yana cewa "Haka ne, haka aka yi." Da ya zo kan kuɗinsa ya ce ba zai rubuta wa kansa cek ba sai an bincika baɗi, Shugaba ta ce sabon mai sa hannu zai rubuta ko yana so ko ba ya so. Sai ya iso shafi na tara, yatsan ya tsaya.

Mu masu bincike ba ma rubuta cewa wane mutumin kirki ne. Ba aikinmu ba ne, ba mu da ma'auninsa. Abin da ke shafin jimla ɗaya ce irin tamu, busasshiya: mun bi dukkan kuɗin da ya shiga da wanda ya fita ta hannun ma'ajin ƙungiyar a kan wannan aiki, ba mu sami wanda ya ɓata ko aka karkatar ba.

"Ranka ya daɗe," ya ce, bai ɗago ba, "ana iya ba ni wannan shafin daban? Da hatimi?"

Ba a cire shafi daga rahoto, sai na ba shi kwafina gaba ɗaya, na buɗe shafi na tara na buga masa hatimin ofishinmu a gefen jimlar, na sa hannu. Ya ciro tsohuwar takardar korar daga walat, ya sa ta a tsakanin shafin, ya rufe, ya danna da tafin hannu. Idonsa ya cika, nawa ma ba lafiya ba, sai na shiga neman murfin birona da ke hannuna.

"Zan kai wa maiɗakina ta gani," ya ce. "Ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san zancen."

Na rataya jakata. "Baba, in ya yamutse a hanya, a bar shi a yamutse."